MgCl2: ni −2402 nake samu, littafi ya ce −2524, ina sauran suka shiga?

Ummi_Gangare:
Salam jama'a. Don Allah masu kemistiri a taimaka min, tes muke da shi ran Litinin. An ba mu mu nemo latis entalfi na MgCl2, wato zafin da ke fita in ayon ɗinsa na gas suka haɗu suka zama daskararre, da zagayen Born-Haber, ga abin da aka bayar duk a kJ/mol: fomeshan na MgCl2 −641, atomaizeshan na Mg +148, ayonizeshan na farko +738, na biyu +1451, Cl2 → 2Cl +244, ilektiron afiniti na Cl −349. Na bi yadda aka nuna mana a NaCl sak amma −2402 nake samu, amsar bayan littafi kuma −2524. Sannan abin da ya fi damuna, tunda lakcara ya ce ba a iya auna wannan abu kai tsaye, to me ya sa ake kiran amsar "ta gwaji"? Wa ya gwada?

SaniRikkos:
Wslm. Kin manta ninka −349 sau biyu ne, kowa nan yake faɗuwa. Kilorin biyu ne a MgCl2.

Ummi_Gangare:
Na ninka fa Yaya Sani, −698 na sa.

Malam_Dauda_FarinGada:
Sani ba nan ba ne. Da a nan ta yi kuskure da tazarar amsarta da ta littafi 349 za ta zama. Ummi, duk lokacin da amsarki ta saɓa da ta littafi kada ki fara goge aikin, fara ɗebe wannan daga wancan tukuna. 2524 a cire 2402, saura 122. Yanzu duba lambobin da aka ba ki, wacce ce ke da alaƙa da 122? Rabin 244 ne. Ke nan kin raba 244 biyu kamar yadda ake yi a NaCl. A NaCl atom ɗaya na kilorin ake buƙata shi ya sa ake ɗaukar ½Cl2, amma a nan guda biyu kike so, Cl2 ɗin gaba ɗaya za ki fasa, don haka 244 ɗin za ta shiga a cike.

Ga yadda zai tafi. Kin fara da Mg daskararre da iskar Cl2. Mayar da Mg ya zama gas, 148. Cire masa ilektiron na farko, 738. Na biyu, 1451. Fasa Cl2, 244. Duk waɗannan biya kike yi, sun taru 2581. Sai kilorin biyun su karɓi ilektiron ɗin nan biyu, su mayar miki da 698, saura 1883. Wato a wannan matsayi kina da Mg2+ ɗaya da Cl− biyu suna yawo a matsayin gas, kuma kina sama da inda kika fara da 1883. Shi kuma MgCl2 daskararre yana ƙasa da inda kika fara da 641. To daga can sama zuwa can ƙasa nawa ne? −641 − 1883 = −2524.

Ummi_Gangare:
Kai Malam Allah ya saka da alheri, wlh haka ne, 122 na sa. Saura tambaya ta biyun.

SaniRikkos:
To an gane. Amma Malam ni littafin da nake da shi +2524 irin wannan yake rubutawa da fulos, na NaCl ma +787 ya sa. Ɗaya dai ya yi kuskure a cikinsu.

Hajara_Kubwa:
Babu wanda ya yi kuskure Sani. Ka duba yadda littafin ya faɗi ma'anar abin tun farko. In ya ce ayon na gas suna haɗuwa su zama daskararre, zafi ke fita, mainos ne. In ya ce ana wargaza daskararren ya koma ayon na gas, zafi ake sha, fulos ne. Lambar ɗaya ce. Ni a ajina abin da nake tilasta wa yara shi ne su rubuta ikweshan ɗin a gefen amsar, Mg2+(g) + 2Cl−(g) → MgCl2(s), sannan su sa lambar, to ko mai makin wane littafi ya karanta ya ga abin da suke nufi. Kuma (g) da (s) ɗin nan ba ado ba ne, in babu su ikweshan ɗin bai ce komai ba.

Injiniya_Bukuru:
Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wai ba a iya aunawa. Gishiri ne fa. A zuba shi a tanderu, yana narkewa a 801°C, a auna zafin da ya sha, shi ke nan. Mu a wajen aiki ƙarfe muke narkarwa kullum kuma mun san abin da yake ci.

Malam_Dauda_FarinGada:
Injiniya abin da za ka auna a nan zafin narkewa ne, kuma na NaCl wajen 28 kJ/mol ne kacal, ina 28 ina 787. Dalili, a narkakken gishiri ayon ɗin suna nan manne da juna, layinsu ne kawai ya rushe, kowane Na+ har yanzu Cl− ne ke kewaye da shi. In ka ƙara wuta har ya tafasa ya zama tururi ma ba ka tsira ba, don ba Na+ daban Cl− daban suke tashi ba, bibbiyu suke tashi a matsayin NaCl, wasu ma har Na2Cl2. Abin da ma'anar ke nema shi ne mol guda na Na+ da mol guda na Cl− kowanne shi kaɗai a sarari, nesa da ɗan'uwansa yadda ba sa jan juna. Babu kwalbar da za ka tara wannan a ciki ka sa ma'aunin zafi.

Injiniya_Bukuru:
To in haka ne lambar ƙirƙira ce kawai ke nan. Abin da ba a taɓa gani ba an ba shi lamba har da guda huɗu a ƙarshe, 2524, ba ma 2500 ba.

Hajara_Kubwa:
A'a Injiniya. Ka ɗauka kana son sanin tsawon da Jos ta fi Abuja daga doron teku amma babu hanyar da ta miƙe. In ka bi ta Akwanga kana rubuta duk hawa da gangara, ko ka bi ta wata hanyar daban, in ka tara lissafi ɗaya za ka samu, don tudun Jos bai san ta inda ka biyo ba. Dokar Hess ke nan, tun 1840. Born da Haber a 1919 suka ɗora ta a kan gishiri. Matakai biyar an auna su, na shida ne ba a iya bi, amma tunda zagayen dole ya rufe, na shidan ba shi da zaɓi.

Ummi_Gangare:
Anti Hajara na gane misalin. Amma matakai biyar ɗin da gaske an auna su? Don ni wlh cire ilektiron daga atom ɗin Mg da ke yawo a gas bai fi min sauƙin aunawa ba a kan latis ɗin kansa.

BabaLab_Naraguta:
'Yata tambayarki ta yi kyau. Ni aikina ke nan a ɗakin gwaji, bari in faɗi wanda na sani. Fomeshan da ma'aunin zafi ake samunsa, kalorimita, kuma sau da yawa shi ma ba kai tsaye ba. Ba wanda zai so ya ƙona Mg a cikin iskar kilorin a gaban ɗalibai. Sai a narkar da Mg a cikin asid HCl a auna zafin, a narkar da busasshen MgCl2 a ruwan asid ɗin a auna, a haɗa da na HCl da aka riga aka sani. A nan kuma wahalar take, MgCl2 yana shan danshi kamar me, in ka bar murfin kwalba a buɗe da damina a Jos kafin ka gama awo ya fara jiƙewa a kan takardar sikeli, kana gani yana yin ƙyalli yana mannewa da cokali, kuma wanda ya sha ruwa zafin da zai fitar ya ragu sosai, lambarka ta lalace tun kafin ka fara. Galibin wanda ke kan kantarmu ma MgCl2·6H2O ne, ba shi ake nufi ba.

Atomaizeshan na ƙarfe daga matsin tururinsa ake fitarwa a zafi daban-daban. Ayonizeshan kuma da haske ake yi, ana duba layukan hasken atom ɗin har inda suka cure suka ƙare, wannan wurin shi ne ƙarfin da ilektiron ke tsinkewa. Kuma abin mamaki shi ne ya fi duk sauran inganci, ba shi ne mai rauni a zagayen ba.

Malam_Dauda_FarinGada:
Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara, mai raunin a da shi ne afiniti. Lokacin su Born ba a iya auna shi da kyau, har ma juya zagayen ake yi, a lissafa latis ɗin daga caji da tazarar ayon sannan a fitar da afiniti. Daga baya aka samu hanyar haska Cl− da leza a ga ƙaramin ƙarfin da ke fizge ilektiron ɗin, 3.61 eV, wanda in kin mayar shi ne 349 ɗin da ke takardarki. To yanzu na kilorin awo ne na gaske. Shi ya sa ake ce wa amsar ta gwaji, duk abin da aka zuba a ciki daga awo ya fito, ba a ɗauka cewa gishirin kaza yake ba ko kaza.

Maganar Injiniya ta guda huɗun ƙarshe kuma yana da gaskiya rabi. Wani tebur zai ce 147 wani 148, wani 242 wani 244, wani −641 wani −642, don haka za ki ga −2524 a nan −2526 a can. Lambar ƙarshe kam kar a rantse a kanta. Amma 2402 da 2524 ba irin wannan bambancin ba ne.

Abba_Dilimi:
Ni SS3 nake, a yi haƙuri in tambayata ta fita daga layi. In har sai an kashe 787 kafin a raba gishiri, ya aka yi yake narkewa a ruwan sanyi ba tare da an ɗora a wuta ba?

Hajara_Kubwa:
Ba ta fita ba ƙanena. Ruwan ne ke biya. Idan Na+ da Cl− suka shiga ruwa, ƙwayoyin ruwa suna kewaye su suna riƙe su, wannan riƙon yana fitar da wajen 783 in ka haɗa na biyun. An kashe 787 an samu 783, saura kamar +4 kawai, shi ya sa in ka zuba gishiri a kofi ba ka jin ya yi zafi, sanyi ma yake ɗan yi wanda hannu ba ya ji. Ɗan abin da ya rage kuma bazuwar ayon ɗin cikin ruwa ta rinjaye shi.

SaniRikkos:
Ke nan duk wanda latis ɗinsa ya fi girma ba zai narke a ruwa ba.

BabaLab_Naraguta:
Sani kai ma ka duba wanda ake magana a kai mana. MgCl2 ya ninka NaCl sau uku da ɗoriya, amma yana narkewa har kofin ya yi zafi a hannunka. Mg2+ da ya riƙe Cl− da ƙarfi haka yake riƙe ruwa da ƙarfi. Sai ka duba ɓangaren biyu.

Ummi_Gangare:
Malam Dauda akwai abin da ya tsaya min a lissafinka. Ilektiron na biyu shi kaɗai 1451 ya ci, kilorin kuma 349 kawai ya mayar. Asara ce ai. Me ya sa Mg bai tsaya a Mg+ ya yi MgCl ba? A sakandare ce mana aka yi wai yana son ya cika takwas ne, amma lambobin nan ba su nuna yana so ba.

Malam_Dauda_FarinGada:
Wannan ita ce tambayar da zagayen ya fi amfani a kanta. Atom ba ya son komai, cire ilektiron kullum biya ne, ko na farko ko na biyu. Latis ɗin ne ke biyan bashin. Mu gwada MgCl ɗin da kike faɗa. 148 + 738 + 122 − 349 = 659. Tunda babu MgCl daskararre da za a auna, sai a ƙiyasta latis ɗinsa da na gishirin da ke da caji ɗaya ɗaya irin NaCl, a ce wajen −750. Fomeshan ɗinsa zai zo wajen −90. Kin ga mainos ne, wato ba wai ba zai iya haɗuwa ba ne sam. Amma ki kwatanta da −641. In MgCl biyu suka koma MgCl2 da Mg, daga −180 an gangara −641, an fitar da wajen 460, don haka ko an yi shi ba zai zauna ba.

Me ya sa latis ɗin ya yi tsalle daga 750 zuwa 2500? Caji ya ninka, ayon ɗin ya tsuke don ɓawonsa na waje ya tafi gaba ɗaya, Mg2+ wajen 72 pm ne Na+ kuma 102, sannan Cl− biyu ne ba ɗaya ba. Ribar ta fi 1451 ɗin da aka kashe. In kuma kika ce to a ci gaba zuwa MgCl3, ilektiron na uku daga ɓawon ciki zai fito, 7733 yake ci, babu latis ɗin da zai biya wannan.

Injiniya_Bukuru:
Yawwa Malam ka kama kanka da kanka. Yanzu ka ce "a ƙiyasta". Kuma ɗazu ka ce ana iya lissafa latis daga caji da tazara. To in lissafin yana yi, zagayen na mene ne? In kuma ba ya yi, −750 ɗinka ba ta da tushe.

Dr_Maimuna_Gwagwalada:
Na shigo a makare amma bari in amsa wa Injiniya. Ana buƙatar biyun ne saboda a kwatanta su. Lissafin yana ɗauka ne cewa ayon ƙwallaye ne zalla masu caji, babu raba ilektiron ko kaɗan a tsakaninsu. Zagayen kuma bai ɗauki komai ba. In suka zo kusa, to zaton ya yi daidai. A NaCl lissafi yana ba da wajen −770, zagaye −787, tazarar kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. A AgCl kuwa, a teburin da nake koyarwa da shi, lissafi −833 zagaye −905. Kuma ku lura, tsarin jerin ayon a AgCl iri ɗaya ne da na NaCl, Ag+ ma ya ɗan fi Na+ girma, amma ga shi riƙonsa ya fi na NaCl nesa ba kusa ba. Wannan rarar ta wajen 70 ita ce shaidar cewa Ag+ yana janyo gajimaren ilektiron na Cl− zuwa gare shi, akwai ɗan kobalen, wato raba ilektiron, a ɗaurin. A AgI tazarar ta fi haka ma don I− ya fi girma ya fi laushi. Don haka −750 ta Malam Dauda ƙiyasi ce, zai iya kaucewa da 50 ko fiye, amma tazarar da yake nunawa 460 ce, kaucewar ba za ta juya hukuncin ba.

Injiniya_Bukuru:
Dakta wannan na karɓa. Amma har yanzu ina ganin kalmar gwaji ta yi wa abin yawa.

Dr_Maimuna_Gwagwalada:
A kan NaCl da MgCl2 ban yarda da kai ba. A kan MgO kuwa kana da hujja babba. Zagayen MgO yana buƙatar O−(g) + e− → O2−(g), afiniti na biyu na oksijin. O2− ba ya zama shi kaɗai a gas, nan take yake tofar da ilektiron ɗin, sai a cikin daskararre inda Mg2+ suka kewaye shi yake tsayawa. To ba a auna wannan matakin ba, daga lissafin latis aka juyo aka fitar da shi, shi ya sa wani littafi +798 wani +844. Sai kuma a ba ɗalibi +798 a ce ya nemo latis na MgO, ya samu wajen −3845, a ce masa ta gwaji ce. Abin da aka zuba ne ya dawo.

Hajara_Kubwa:
Dakta gaskiya ban taɓa kallonsa ta nan ba, kuma MgO yana cikin waɗanda nake bayarwa duk shekara saboda yana koya wa yara cewa afiniti na iya zama fulos, kibiyar ta hau sama maimakon ta sauko. A nan da yawa suke sa −798 don sun haddace cewa afiniti mainos ne, amsarsu ta kauce da 1596, ninki biyu, ina gani na san abin da ya faru. Ba na jin zan cire shi, sai dai in riƙa faɗa musu inda lambar ta fito.

Malam_Dauda_FarinGada:
Ni kam ina ganin a SS3 faɗin haka ruɗa su zai yi Malama. A bari sai jami'a.

Hajara_Kubwa:
Abba ga ka nan, kai ne SS3, ya ruɗa ka?

Abba_Dilimi:
Kaɗan Malama. Na gane na MgCl2 sosai, na ma gwada CaCl2 yanzu. Amma na MgO ban gane yadda abin da ba ya wanzuwa a gas zai shiga zagayen kuma amsar ta fito daidai ba.

Dr_Maimuna_Gwagwalada:
Abba jimillar matakan biyu, afiniti na biyu da latis ɗin in ka haɗa su, ita ce tabbatacciya, don duk sauran an auna su. Yadda za a raba jimillar tsakanin su biyun ne ya dogara da lissafi. In ka ɗaga afinitin da 46, daga +798 zuwa +844, latis ɗin ya sauka da 46.

Ummi_Gangare:
To Dakta in aka tambaye mu ran Litinin me ya sa ake kiranta ta gwaji, zan rubuta cewa don kowane mataki daga awo ya fito kuma ba a yi zaton komai a kan irin ɗaurin ba. In kuma MgO aka kawo, in ƙara maganar O2− ɗin ko in yi shiru?

Dr_Maimuna_Gwagwalada:
Ki yi lissafin yadda aka nema tukuna, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa. Ni da zan ba ki maki a kai.

Malam_Dauda_FarinGada:
Ya danganta da mai makin. Wani abin da ke takardar amsarsa kawai yake nema. Abba turo lambobin CaCl2 ɗin da ka yi amfani da su da amsar da ka samu mu duba, ka rubuto kowane mataki da (s) da (g) ɗinsa.